Malama Jan Biro da Tifofin Yashi

Shekara ashirin da shida ta yi tana koyarwa a firamaren unguwarsu, kuma ko a katin gayyata ta ga kuskure sai ta zagaye shi. Shi ya sa ake ce mata Malama Jan Biro. Da ta yi ritaya, ƙungiyar iyayen yara ta ba ta sakatariya, aka haɗa mata da kula da shafin ƙungiyar na intanet. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, amma jikarta tana aji biyu a makarantar, ita take raka ta kullum da safe.

Titin da ya bi ta ƙofar makarantar siriri ne, gefe ɗaya kwata, ɗaya gefen katanga. Da aka fara gine-gine a bayan unguwa, sai tifofin yashi suka mayar da shi hanyarsu. Wata safiya wata tifa ta matse wata 'yar aji uku, yarinyar ta faɗa kwata ta karye a hannu. Direban, wanda ake kira Dogo, shi ya ɗauke ta da kansa ya kai ta asibiti.

Malama ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru a shafin ƙungiyar, ta roƙi hukuma ta duba. Kwana uku, mutum bakwai ne suka tura wa wasu.

Ƙaninta, autan gidansu, sana'arsa ke nan kula wa masu shaguna da shafukan talla. Ya zo gaishe ta, ya karanta, ya yi dariya.

"Yaya, wannan ai takardar neman hutu kika rubuta wa hedimasta."

"To ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba, amma ba wanda zai tsaya. Manhajar nan ba ta san gaskiya ko ƙarya ba, ƙirga take yi. Wa ya tsaya, wa ya yi magana, wa ya tura. Abin da ya tara waɗannan da sauri shi take ƙara nuna wa jama'a. Mai tausayi ya ce Allah ya sauwaƙe ya wuce. Wanda ransa ya ɓaci kuwa sai ya tura kafin ya gama karantawa, don a san ɓangaren da yake. Balle in kin nuna masa wanda zai zaga. Har masu ƙaryata ki suna taya ki, don maganarsu ma lissafi ce."

Ta tuna jikarta da ƙaramar jakarta a gefen ƙatuwar taya. Sai ta miƙa masa wayar.

Ya sa hoton Dogo a bakin tifarsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: SUNA KASHE MANA YARA, HUKUMA TA YI GUM! Ta ce ai ba wanda ya mutu. Ya ce salon magana ne kawai.

Kafin washegari da azahar an tura shi fiye da sau dubu huɗu. Ba za ta ɓoye ba, da farko ta ji daɗi, tana ta duba lambar tana hawa. Sai ta fara karanta abin da mutane ke rubutawa. Wani ya ce yara uku suka mutu. Wata ta rantse direban a buge yake. Mutanen da ba su taɓa ganin titin ba suna neman a faɗa musu gidansa. Rana ta uku wasu suka jefi tifar Dogo da dutse, gilashi ya yanke shi a goshi.

Da Malama ta jagoranci iyaye suka je ofishin kula da hanyoyi, jami'in ya juyo musu da kwamfutarsa. "Hajiya, yara nawa aka kashe? Ba ni suna ko ɗaya." Zaman ya ƙare a kan ƙaryar, ba a ko taɓo zancen titin ba.

Ta koma gida ta goge rubutun, ta sa gyara da ban haƙuri da sunanta. Mutum sittin suka tura. Hoton Dogo kuwa wasu sun riga sun kwafe, yana ta yawo abinsa. Autan ya zo ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne. Da hannuna na ba ka."

Ta je gidan Dogo. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma ba tare da ta dube ta ba. Shi kuma ya fito da bandeji a goshi, ya saurare ta har ta gama.

"Malama," in ji shi, "'yata tana aji biyar a makarantar nan. Kwana huɗu ba ta je ba. Ana ce mata 'yar mai kisa."

Nan ta yi kuka, ita da ba a saba ganin hawayenta ba.

Daga Litinin ta fara ajiye kujerar roba a ƙofar makaranta da littafin rubutu a cinya. Safiya goma tana ƙirga tifofi daga bakwai zuwa takwas. Mafi ƙaranci goma sha ɗaya, mafi yawa goma sha tara. Ta sa tela ya ara mata tef, suka auna abin da ke saura tsakanin taya da kwata, bai kai tsawon hannun babba ba. Sannan ta je wajen shugaban direbobi, ba don ta yi masa bayani ba, don ta ji nasu. Ya bar ta a tsaye ɗan lokaci kafin ya ce a ba ta benci. Ya faɗa mata ɗaya hanyar zagaye ce mai nisa, ga ramuka, kuma yawan sahun da suka yi ake duba musu wajen biya.

Rubutun da ta yi bayan haka gajere ne. Ta fara da cewa ta taɓa yin ƙari a kan wannan magana, kuma ba yaron da ya mutu. Ta kawo ƙirgenta da awonta. Ta faɗi uzurin direbobi yadda shugabansu ya faɗa, har sai da ya karanta ya ce haka ne. Ta sa bidiyon minti ɗaya na yara suna manne da katanga tifa na wucewa, an ɗauko su ta baya, ba kiɗa, ba fuskar kowa. Ta roƙi abu guda: tifofi su dakata daga bakwai zuwa takwas, da lokacin tashi daga makaranta.

Autan ya ce, "Wannan ba zai yi nisa ba, Yaya."

"Ba nisa nake nema ba. Mutum talatin ke tuƙa motocin nan, su nake so su karanta har ƙarshe ba su ji an zage su ba."

Bai yi nisa ba kuwa, sau ɗari biyu da 'yan kai aka tura. Amma Dogo, wanda bai ce ya yafe mata ba tukuna, shi ya tura shi zauren direbobi na waya, ya ƙara da muryarsa: "Mai jar jakar nan tawa ce." Jami'in hanyoyi ya karɓi littafin ƙirgen ya yi kwafi.

Ba ta samu duk abin da ta roƙa ba. Direbobi sun yarda da awa ɗaya ta safe, suka ce na rana ba zai yiwu ba. Hukuma ta kafa allon hana tifofi wucewa da safe bayan wata huɗu. Da rana iyaye ke karɓa-karɓa suna tsallakar da yara, ranar Malama Laraba ce. Dogo ya cire 'yarsa ya mayar da ita wata makaranta kusa da gidan kakarta, amma in ya wuce ya ga Malama a bakin titi yakan rage gudu ya ɗaga mata hannu.