Ƙafar Hagu

Ɗana na fari yana da shekara bakwai lokacin da ya fara tashinmu da kuka. Muna Kakangi a lokacin, kafin masu bindiga su kore mu. Ya wuni yana bin babansa gona, yana tsere da yaran unguwa, in an yi isha'i sai ya kama sharaɓarsa duka biyu yana birgima a tabarma. Nakan shafa masa man kaɗe in matsa, shi kuma ya ƙara miƙo ƙafafun yana cewa in danna da ƙarfi. Gari na wayewa zai tashi garau, ya riga kowa fita.

Hankalina bai kwanta ba, na ɗauke shi zuwa asibiti a cikin gari. Wata malamar asibiti, Bagwariya mai faɗa, ta lanƙwasa gwiwoyinsa, ta sa shi tsalle, ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce yara da yawa na yin haka a shekarunsa, mutane na cewa tsawo suke yi, kuma yana wucewa da kansa. Sannan ta ɗaga min yatsa ta ce in dai ciwon ya tsaya a ƙafa ɗaya, ko yaro ya wayi gari da shi, ko ya fara ɗingishi, ko wurin ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo, kada in bari ya kwana a gida.

Na dawo gida aka sa ni gaba da dariya. Surukata ta ce 'ya'ya tara ta raina, ba wanda ta kai wa likita don yana girma. Matan gidan suka laƙaba min suna uwar likita, ko tuntuɓe yaro ya yi sai a ce a kira mota. Ni mace ce mai zuciya, dariya tana min ciwo fiye da zagi. Cikin maganar malamar nan, rabin da ya ba ni kunya na riƙe, rabin da zai cece ni na bari a ƙofar asibiti. Daga baya ma ni na koma mai yi wa wasu dariya. Duk wadda ta ce ɗanta na kukan ƙafa, sai in ce ta nemo man kaɗe ta daina wahalar da mutane.

Shekara biyar bayan haka muna zaman haya a cikin gari, unguwar Magajin Gari, ɗaki biyu, ni ina ɗinki a zaure. 'Yata ta uku tana da shekara takwas, yarinya ce da ba ta san tafiya ba sai gudu. Wata ranar Laraba ta dawo daga tsallen igiya ta ce ƙafarta na ciwo. Da dare ta yi kuka. Na ɗauko man kaɗe ko fitila ban kunna ba, don a ganina na riga na san karatun.

Da na taɓa ta sai ta janye ƙafar da ihu. Yayanta a da roƙona yake in danna, ita kuwa ko zanen rufa ba ta so ya taɓa wurin. Na tambaye ta ina ne, ta sa yatsa ɗaya ƙasa da gwiwar hagu kaɗan. Duk wannan na gani da idona, na ce raki ne irin na 'ya'ya mata.

Da safe ta fito tana dafa bango, jikinta da zafi. Damina ce, kowane gida akwai mai zazzaɓi, sai na aika kemis aka sayo maganin maleriya. Na raba ciwon gida biyu don in samu sauƙi: zazzaɓin na sauro ne, ƙafar kuma tsawo ne.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono, tsohuwa ce, su ma daji ya ƙi su sun dawo bakin gari. Rana ta uku ta sauke ƙwaryarta, ta daɗe tana kallon yarinyar da ke zaune ta ɗage ƙafa.

Ta ce, "Mu dai in saniya ta gaji, duka ƙafafun take ja. In ta ɗage guda ɗaya ta ƙi takawa, akwai abu a ciki. Ki kai ta a duba."

Na ce mata 'yata ba saniya ba ce, ta auna min nonona ta kama gabanta. Har yau in na tuna yadda ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, sai in ji kamar in mari kaina.

Da wurin ya kumbura ya yi ja, babanta ya ce a tafi asibiti. Ni na hana. Na ce tunda wajen tsalle abin ya fara, targaɗe ne, a kai ta wurin maɗori. Gaskiyar magana, ba na son matan gidan hayar su ji an ce na sake kwasar yaro zuwa asibiti a kan ciwon ƙafa, alhali a cikinsu ba wadda ta ma san tsohon sunan nan nawa. Maɗorin ya ja ƙafar, maza biyu suka danne ta, ya jera karare ya ɗaure tam. Kwana huɗu tana cikin ɗaurin nan, ba ta ci, ba ta barci, zazzaɓin na ƙaruwa. Ranar da aka kwance, ƙafar ta yi suntum tana sheƙi.

A asibitin gari likita ya ce ƙwayar cuta ce ta bi jini ta shiga ƙashi, ta tara mugunya a ciki, kuma aikin ya fi ƙarfinsu, sai Kaduna. Suka fara mata allurai. Hanya kuwa ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, muka ƙara kwana biyu muna jira. Na zagi 'yan bindiga, na zagi gwamnati, na zagi maɗori, kuma duk sun cancanta. Amma hanya kwana biyu ta ci mana. Sauran kwana taran ni na ci.

Sau biyu aka yi mata aiki, aka kankare mataccen ƙashi, muka yi wata biyu a gadon asibiti. Ba a yanke ƙafar ba, na gode wa Allah. Sai dai cutar ta lalata wurin da ƙashin ke tsawo daga shi, kusa da gwiwa. Tun daga nan ta dama ke girma tana barin ta hagu a baya. Kowace shekara sai mai gyaran takalmi ya ƙara wa takalminta na hagu tudu.

'Yan uwa sun ce ƙaddara ce, ni ma haka nake gaya mata duk lokacin da ta tambaya. Bara, tana da shekara goma sha uku, muka koma a duba ta. Likitan yana rubutu, sai ta tambaye shi da kanta, a natse, ko ƙafar za ta warke daidai da a ce an kawo ta tun ranar farko. Ya ajiye biro ya dube ni, don labarin kwanakin nan yana cikin fayil ɗin da ke gabansa.

Na ce, "Da wataƙila allura kaɗai za ta isa. Babanki ya ce a kawo ki, ni na hana."

Ta ce, "To."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har yau. Da muka fito na miƙa hannu zan kama ta a matakala kamar yadda na saba, sai ta kama ƙarfen gefe ta sauka ita kaɗai, a hankali, ni ina biye da ita a baya.