Wasiƙar da na aika wa Ustaz Bashir

Ina cikin bas daga Kalakla zuwa Omdurman amsar Ustaz Bashir ta shigo wayata.

A ƙarshen mulkin soja ne. Na ga bidiyon Ustaz Bashir, mai ɗaukar bidiyon masuntan garin Jabal Awliya, na so in yanki minti guda in yi sharhi a kai. Na rubuta masa wasiƙa: daga minti na uku zuwa na huɗu, zan sa sunansa da adireshin tasharsa ta intanet, ba talla.

Abin da na ɓoye shi ne tun kafin in rubuta masa na riga na ɗora yankin a shafina. A zatona neman izini gaisuwa ce kawai.

Ya rubuto: “Ɗan'uwa, ɗauki kowane wuri ban da wannan. Dattijon da ke kukan tsadar burodi a ciki ya roƙe ni in cire shi, tsoron jami'an tsaro yake. Na cire a nawa da safe.”

Nan take na sauke nawa, amma mutane sun riga sun yaɗa. Na kira Ustaz na faɗa masa gaskiya. Ya ce, “Ba ni za ka ba haƙuri ba.”

Har yau ban je Jabal Awliya wurin dattijon ba. Ku da wace fuska za ku je?