Layin da Ya Ɓace a Shagon Kafinta

Sannu-Sannu ake ce masa, don bai taɓa gudu ba ko ana ruwan sama. Shekara talatin yana gyaran wutar injina. Ba shi da shago, jaka ce kawai da mitar awon wuta, sai tabarau da ya ɗaure wa hannu da waya. Mutum ne marar hayaniya, amma idan ka taka shi, sai bayan mako guda ka gane ya rama.

Babban abokin tsokanarsa shi ne mijin yayarsa, kafinta mai shago a bayan tasha. Kafinta ya san komai. Ya san magani, ya san siyasa, ya san abin da ya kamata a ce likita ya yi. Wata safiya injinsa na tsaga katako ya ƙi tashi, kuma kafin rana ta yi tsaka ya gaya wa matarsa da maƙwabta cewa aikin ƙanin matarsa ne, domin shi ya haɗa wayoyin injin bara.

Sannu-Sannu ya iso yana share gumi, ya ce a kunna ya ji. Motar injin, wato na'urar da ke juya shi, mai shan layin wuta uku, ta ɗauki gurnani, amma ko motsi ba ta yi ba. Nan take ya kashe. Kafinta ya ce tun safe yake danna ta ko za ta ji kunya ta tashi. Sannu-Sannu ya ɗora tafin hannu a jikinta, ya ji zafi, ya shinshina bai ji ƙauri ba.

"Yaya, da ka ƙara dannawa sau biyu, da yanzu koyil ɗin cikin motar muke wa jana'iza."

Ya sauke babban makunni, ya sa aka cire bel, ya juya sandar motar da hannu. Ta juya lafiya lau, ba cijewa, wato ba boris ɗin da sandar ke juyawa a kai ba ne. Ya maida wuta ya auna layukan bibbiyu a bayan fiyus. Na farko da na biyu suka ba da ɗari huɗu, amma duk awon da ya haɗa da na uku ba komai. Da layi biyu mota ba ta iya tashi daga tsaye, sai dai ta yi ta nishi tana dahuwa.

Ya sake sauke makunni ya zaro fiyus na uku. Ya mutu, amma ba wannan ne ya ba shi mamaki ba. Ƙarami ne, irin na layin ofishin shagon, ba wanda ya sa da hannunsa ba. Ya leƙa ofis ya hango sabuwar butar lantarki a kan tebur. Ya zaro fiyus ɗin ofis, sai ga nasa babba zaune a gurbin. Buta ta kashe ƙaramin, Kafinta ya yi musanya a ɓoye, a ganinsa injin mai layi uku ba zai damu da rashin ɗaya ba.

Sannu-Sannu ya gyara tabarau. Ya ce matsalar babba ce, ba zai iya ganin kanta ba sai an kwashe garin katakon da ke ƙarƙashin injin, wanda ya kai shekara yana roƙo a kwashe. Kafinta ya tuɓe riga ya kama shebur. Buhu tara ya cika. Sai aka ce a goge fankar motar, a share bayan allon wuta. Maƙwabtan da suka ji zargin safe suka taru a bakin ƙofa suna ba da shawara.

Da ya ga gemun Kafinta ya koma fari fat, sai ya maida babban fiyus gurbinsa, ya sa sabon ƙarami a ofis, ya auna ya ga layi uku sun cika. Ya ɗaura bel ya danna. Injin ya tashi da ƙara.

Kafinta ya juya ga maƙwabta ya ce dama shi tun farko ƙura yake zargi.

Sannu-Sannu ya ja shi gefe, ya danƙa masa mataccen fiyus a tafi. Ya gaya masa a hankali cewa babban fiyus a kan siririyar waya gobara ce ke jiran rana, a shagon da komai na cikinsa itace ne. Butar kuma sai an ja mata nata layin. Kafinta ya dubi tafinsa, ya dubi ƙofa.

"Yayarka ba sai ta ji ba."

"Ni ba na kai magana. Amma ita ma ta ce in zo in duba mata dutsen guga."

Da yamma Kafinta ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya yana cewa duk garin babu mai hannun ƙanin matarsa. Sannu-Sannu na biye da shi a baya da jakarsa, yana tuna masa shagon da ya tsallake.