Matar da Aka Goge a Hoton Rijiya

Ni na fara riƙe kyamara a danginmu. Ina da shagon hoto a Kankia, kusa da tasha, tun ana wanke fim, kuma a hannuna taubashina ya koya. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, a Kusada yake zaune, na girme shi da kaɗan. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya ce mini ubangida, a yi dariya a wuce.

Da ya sayi tasa kyamarar bai buɗe shago ba. Ranar kasuwa ya ɗauki hoton fasfo a ƙarƙashin rumfa, sauran ranaku ya hau babur ya shiga ƙauyuka yana ɗaukar abin da babu wanda ya sa shi: masu noma, masu sussuka, shanu a mashaya. Ni ina yi masa dariya. Sai wata shekara ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto ta shirya gasa a Katsina kan rayuwar karkara. Na aika hotuna uku da na ɗauka a Rimaye, na yi musu wahala sosai. Ko ɗaya bai shiga ba. Nasa guda ɗaya ya zo na farko.

Ya kira ni a waya yana murna, na ce masa barka, na ma ƙara da addu'a. Da na ajiye wayar sai na ji abincin da ke gabana ya fita a raina. Duk wanda ya shigo shago a makon nan sai ya ce, "Ashe yaronka ya ciwo mana gasa?" In ce ai kuwa, ina murmushin yaƙe.

Kafin bikin ba da kyauta aka ce kowa ya kawo nasa a buga babba, a sa a firam. Ni ke da firinta mai kyau, don haka ya kawo mini a filashi. Na buɗe a kwamfuta na gani. Wata rijiya ce a bayan Yashe, da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama. Wani dattijo makiyayi yana jan guga, farin sa yana sha a kwami, hadari ya yi baƙi a bayansu, rana ta bugi ruwan da ke zuba daga gugan. Na daɗe ina neman aibi, ban samu ba.

Sai na zare filashin na soka a jikin firinta. Tana da ɗan allo da ke jera hotuna ƙanana domin mutum ya zaɓa. A nan na ga abin da babu a kwamfuta: tsakanin dattijon da san akwai mace a tsaye, da ƙwarya a ka.

Na san dalili. Duk hoton da kyamara ta ɗauka, tana yin wani ɗan ƙarami irinsa ta ɓoye a cikin fayil ɗin, tare da bayanin rana da irin kyamarar, don a riƙa dubawa da sauri. Wasu manhajojin gyaran hoto in sun adana aiki sukan sabunta ƙaramin, wasu kuma su gyara babban kawai su bar ƙaramin yadda yake. Firintata ƙaramin take nunawa a jeri. Na koma kwamfuta na ciro shi da wata manhaja, na ajiye su gefe da gefe. Ƙaramin dishi-dishi ne in an buɗa shi, ba a gane fuska, amma mace ce, ba shakka. Na duba ko yanke gefe ya yi, tunda dokar gasar ta yarda da yankewa da gyaran haske. A'a. Bishiyar da ke hagu da wutsiyar san da ke dama duk suna nan a hotunan biyu. Daga tsakiya aka cire ta, aka cike gurbin da hadari da ciyawa. Wannan kuwa doka ta hana.

Wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na tashi na sayo shayi, na dawo na zauna ina kallonsu.

Da la'asar ya zo karɓar aiki. Na juya masa allon kwamfutar.

"Mi ke nan?" ya ce.

"Kai za ka faɗa mini, bawana. Ina ka kai matar mutane?"

Ya matso ya duba. Na zaci zai musa, har na shirya amsa. Sai ya ja benci ya zauna.

"Surukar makiyayin ce. Da na nuna wa tsohon a bayan kyamara, ya ce hoton ya yi kyau, amma ɗansa ba ya gida, ya tafi da shanu, kuma ba zai so a rataye hoton matarsa a birni ana kallo ba. Ita ma ta ce ba ta so. Na ce zan cire ta."

"Ka karanta dokar gasa?"

"Na ga an ce kar a ƙara komai. Ban kawo cirewa a raina ba." Ya dube ni. "Ubangida, kai ka fi ni sani. In an goge ɗan ƙaramin nan fa?"

"Minti ɗaya ne," na ce. "Amma in sun nemi na asali daga katin kyamara, ba ni ciki."

Gaskiya na faɗa masa, amma na ji daɗin faɗarta fiye da kima. Ya ɗauki filashinsa ya ce kar in buga tukuna.

Washegari ya hau mota ya tafi Katsina da katin. Abin da ya faru can, daga bakin wani abokin sana'armu da ke cikin kwamitin gasar na ji. Shugaban alƙalan tsohon mai ɗaukar hoton jarida ne. Ya ciro ƙaramin, ya buɗe na asalin da ke kati, ya ce bambancin ƙaramin da babban alama ce kawai cewa an taɓa hoto, na asalin ne ke nuna abin da aka yi. Ya kuma ce su ma sun yi sakaci da ba su nemi na asali a wurin kowa ba tun farko. Aka janye kyautar, aka ba wanda ya zo na biyu, wani daga Funtua.

Na yi zaton zan huta. Mako bai cika ba labari ya zaga cewa yaron Kusada ya mayar da kyauta da hannunsa don ya cika alkawarin da ya yi wa makiyayi. A majalisarmu ta bakin tasha har wani ya ce tarbiyyata ce, aka yi ta sa mini albarka. Shugaban alƙalan kuma ya ce wa taubashin nawa ya kawo masa sauran hotunansa ya gani, bayan damina ya haɗa shi da wata mujallar noma da ke neman mai ɗauko mata hotuna daga yankinmu.

Yanzu a Katsina yake zaune. In ya zo gida yakan biyo ta shago, ya ajiye babur, ya nuna mini sabbin ayyukansa a waya, ya tambaye ni wanne ya fi. Nakan zaɓa masa tsakani da Allah, don idona bai mutu ba. In ya tafi sai in kira na gaba a layin fasfo, in ce ya ɗaga haɓa, ya daina ƙifta ido.