Ba wanda ya ga gawarsa

Shekara biyu bayan ruwan dam ya cinye tsibirinmu an maido mu tudu kusa da Warra, ƙanena ya fita su shi kaɗai bai dawo ba. Ba a ga jirginsa ba, balle gawa. Muka yi sadakar uku, muka yi ta arba'in.

Yana da ajiya a bankin Yelwa, wadda yake tarawa don sayen babban jirgi, saboda ƙananan jiragenmu na kogi ba su jure igiyar ruwan tafki. Da wannan jirgi babban ɗansa zai ci da uwarsa da ƙannensa. Ni ne na zauna Kumasi da Fort Lamy har Khartoum, ina jin Turanci da Larabci, don haka aka ce in shige gaba.

Akawun bankin ya karɓi littafin ajiya, ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce daga yau an rufe asusun, ko sisi ba ya fita. Sai mun kawo takardar shaidar mutuwa, da takardar kotu mai nuna magada da wanda aka wakilta ya karɓa. Ban ji tsoro ba. A Kumasi na taɓa yi wa maƙwabcina irin wannan zirga-zirga, amma shi a asibiti ya mutu.

Likita ya ce ba ya rubuta mutuwar wanda bai gani ba. Ni da matar ƙanena muka nufi alƙali.

"Wa ya yi mashi wanka?" in ji alƙali.

"Allah shi gafarta Malam, ruwa ya ci shi."

"Wa ya ga ya nutse?"

"Babu, Malam."

"Alhaji, ku masunta ba ku ne ke tafiya Chadi shekara biyar ba ko sallahu, sannan ku dawo da sabuwar riga ba? In na raba dukiyarsa ya shigo gobe fa?"

Gaskiya ya faɗa, ni ma na yi hakan. Ya ce a shari'a ƙanena ɓatacce ne. Matar za ta jira shekara huɗu ta yi takaba, amma gado sai shekarunsa na haihuwa sun cika saba'in a lissafi. Ƙanena bai kai arba'in ba.

A waje wani ɗan kamasho ya ce yana da mutum biyu da za su rantse sun ga nutsewarsa. Na so in yarda. Matar ce ta hana.

"Yaya, in suka rantse da ƙarya, 'ya'yana ne za su ci."

Na koma wurin manajan bankin sau uku. Kullum ya ba ni kujera, ya ce kuɗin na nan, ba mai taɓawa.

Da damina babban ɗan ƙanen nawa ya shiga jirgin wani mutumin Shanga yana ja masa koma, ana ba shi kashi ɗaya cikin kamun. Bai taɓa mallakar nasa jirgin ba.