Shafi Talatin da Huɗu na Baba Dalla-dalla

A kamfanin da ake ƙera kujerun 'yan makaranta, idan ka hau bene ka karkata hagu, akwai wani tebur a jikin taga, fanka na juyawa daidai kansa. Shekara ashirin da biyu ke nan mutum ɗaya yake zama a wurin. Sakatare ne, shi ke rubuta abin da aka tattauna a kowane taro, kuma kowa Baba Dalla-dalla yake ce masa. Ba ya jin haushin sunan, a ganinsa ma yabo ne.

Mutum ne da bai taɓa gajarta komai ba a rayuwarsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara da inda ya sayi agogon. Ranar da ya je neman aure, an ce sai da surukinsa ya tashi ya sha ruwa sau biyu kafin a iso kan maganar. Abin da ya riƙe a aikinsa guda ne, duk abin da baki ya furta a taro amana ne, ba a zubar da shi.

Da aka kawo manhajar da ke sauraron taro ta mayar da shi rubutu, mutane sun zaci zai yi baƙin ciki. Ai sai ya yi kamar an yi masa haihuwa. Ga abin da ya fi shi kunne, har tarin mutum sai ya kusa rubutawa. Aikin Baba sai ya koma sake sauraron muryoyin yana gyara inda na'urar ta saka maganar wani a bakin wani, sannan ya buga, ya raba wa kowa.

Taron da ya jawo masa magana na ranar Litinin ne. An zauna a kan kwashe kujeru ɗari huɗu daga ɗakin fenti zuwa sabon sito. Sabuwar Manaja ba ta zauna ba, ta ce a kawo mata rahoto. Babban direba ma ba ya nan, ya kai mota gyara. Rubutun ya fito shafi talatin da huɗu, Baba ya ɗinke shi ya miƙa wa kowa nasa.

Manaja ta karanta shafin farko, ta tarar gaisuwa ce da gardama kan wanda ya canza wa fankar ɗakin taro lamba, sai ta ajiye. Babban direba ya fi ta ƙoƙari, ya kai shafi na huɗu, inda ya ga an ce a kwashe ranar Alhamis. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin kujerar mota. Bai san cewa a shafi na ashirin da tara mai fenti ya tashi ya ce fentin ba zai bushe ba kafin Asabar, kuma kowa ya amince an mayar Asabar.

Ranar Alhamis da sassafe, kafin mai fenti ya iso, babban direba ya zo da motoci biyu da leburori takwas. Kafin a ankara an loda kujeru sittin. Shi kuwa yana zaune a kan ɗaya yana ba da umarni, kuma da ya miƙe sai kujerar ta biyo shi. Duk wanda ya taɓa kaya a safiyar nan ya koma kore daga ƙirji zuwa gwiwa.

Manaja ta kira Baba. Takardarsa na kan teburinta, ta ɗora kofin shayi a kai.

"Baba, wannan mene ne?"

"Rahoto ne, ranki ya daɗe. Babu abin da ya ɓace a ciki."

"Ni na ɓace a ciki. Direba ma ya ɓace, ga shi can ana goge shi da kananzir." Ta ture kofin. "Ka koma wa wannan rubutun naka ka fitar da abin da mutum zai yi aiki da shi. Gobe ƙarfe goma. In ba haka ba, akwai tebur a sito, ana neman mai ƙirga ƙusa."

Sito ba taga, ba fanka. Baba ya fito ya koma teburinsa.

Ya zauna ya yi ta yanka kamar mai yanke naman jikinsa, har ya matse shafi talatin da huɗu ya koma layi biyar. Ya ce wannan zai raba wa kowa, tunda gajere ake so. Don ya gwada, ya sauka ya nuna wa shugaban kafintoci.

Kafinta ya juya takardar ya duba bayanta. "To ina sunana? Ni me zan yi, yaushe? Baba, wannan ai kamar ka ce a dafa abinci ne ba ka faɗi mai hura wuta ba."

Ya kai wa babban direba, wanda ke zaune a rana cikin aron wando.

"An mayar Asabar," direba ya karanta. "Wa ya mayar? Saboda me? Wato ni aka raina, ina juya baya aka canza rana? Mai fenti ne, na san shi!"

Baba ya koma gida da yamma, ya zauna a falo bai ko cire takalmi ba. Doguwa ta jawo masifa, gajeruwa kuma ba ta gamsar da kowa ba. Yana cikin haka matarsa ta leƙo daga kicin, hannunta a jiƙe.

"Malam, famfon kicin ya fashe, na rufe ruwa. Ko a ɗaure shi yau, ko a canza gobe. Wanne?"

"A canza," ya ce, bai ma ɗago ba.

Sai ya ji ta juya wajen 'ya'yansu biyu. "Ke babba, ki kwashe kwanuka zuwa bayan gida yanzu. Kai kuma ka je wajen mai gyaran famfo kafin ya rufe, ka ce gobe ƙarfe takwas. Kada wanda ya buɗe ruwa."

Can kuma ƙanwarsa da ke zaune tare da su ta bugo waya daga wajen aiki, tana tambaya ko ta taho da kayan wankin da suka shirya. Matar ta gyara tsayuwa. Ta faɗa mata yadda famfon ya fara ɗiga da rana, yadda aka so ɗaurewa da roba ya ƙi, dalilin da ya sa aka fasa wankin, ta ƙare da cewa, "Ke dai ki bar kayan sai jibi."

Baba ya cire tabarau. "Maman yara, famfo nawa ne ya fashe a gidan nan?"

"Ɗaya mana."

"Na ji labari uku."

"To kai da ka shigo kamar an ƙwace maka abinci, in tsaya ba ka tarihin roba? Su kuma yaran, in na ce musu famfo ya fashe kawai, ai tsayawa za su yi suna kallonsa." Ta goge hannu. "Shekara talatin ina gajarta maka magana, sai yau ka lura."

Washegari tun bakwai yana kan teburinsa da alƙalami kala uku. Ya bi rubutun daga farko har ƙarshe, yana ja wa shawarar da aka yanke jan layi, aikin da aka ba wani shuɗi, dalili kuma baƙi. Inda aka faɗi abu sau biyu, na ƙarshe ya ɗauka. Gardamar fanka ta ci shafi uku ba ta sami layi ko ɗaya ba, ya shafa shafukan kamar mai ban kwana.

Rahoto uku ya yanke zai fitar. Na ma'aikata ya yi shi jadawali mai gida uku: aiki, mai yi, rana. A nan ya yi tuntuɓe. A shafi na talatin da ɗaya an ce za a karɓo makullin sabon sito daga wajen mai ginin, kowa ya ce haka ne, aka wuce. Gidan mai yi ya zauna fanko. Ya sake sauraron wurin sau uku, babu wanda ya ce shi zai je. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin rubuta sunan kafinta, amma ba a faɗa a taro ba, don haka ya rubuta, "Ba a ba kowa ba tukuna."

Na direba ya yi shi shafi ɗaya, a jere kamar labari. A sama ya sa ranar da aka tsayar, sannan yadda aka fara cewa Alhamis, abin da mai fenti ya ce, da cewa kowa ya yarda. A ƙasa ya sa abin da ake so daga gare shi: mota biyu, Asabar, ƙarfe tara.

Na Manaja ya fi ba shi wuya, layi huɗu ne. Ya jera takardun uku ya tabbatar rana da adadin kujeru ɗaya ne a cikinsu duka.

Goma saura biyar ya tare ta a kan bene. Ta karanta tana tafiya: "Za a kwashe kujeru ɗari huɗu ranar Asabar ƙarfe tara, ba Alhamis ba, domin fenti ya bushe. Kowane sashe ya san aikinsa. Abu ɗaya ke jiranki yau: ba a ba kowa karɓo makullin sito ba. Cikakken rubutu yana wurina."

Ta tsaya cak. "Wato da gobe sai mu isa da mota biyu mu tsaya a bakin ƙofa?"

"Shafi na talatin da ɗaya, ranki ya daɗe. In kina so in karanto miki daga inda aka fara..."

"A'a, Baba, don Allah." Ta ciro biro ta rubuta sunan babban direba a gefe. "Shi zai karɓo. Ka koma teburinka."

Direba ya karanta nasa har ƙasa, ya ce ashe mai fenti yana da gaskiya, amma kada a faɗa masa. Kafinta ya manna jadawalin a bango da ƙusa huɗu. Ranar Asabar aka kwashe kaya, ba wanda ya canza launi.

Baba yana nan a jikin tagarsa. Bayan kowane taro yakan fitar da takardu uku, kuma a ƙasan kowacce yakan rubuta cewa cikakken rubutu yana wurinsa. Wata biyu yana jira wani ya zo nema. Ranar da kafinta ya hau bene ya ce yana son ganin shafin da aka ce shi ya taɓa fanka, Baba ya tashi da kansa ya jawo masa kujera, ya rufe ƙofa, ya buɗe shafin farko ya fara daga gaisuwa.