Tambaya ta Biyu: Ayaba Fa?

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon hali, kuma abin da na fahimta shi ne ɗan Adam bai ƙirƙiro aikin da ya fi rubuta takardar tambayoyi da amsoshi buƙatar jarumta ba. Kai za ka yi tambaya, kai za ka amsa, kuma ana son ka faɗi gaskiya a duka biyun.

A shekarun da Abuja ke tashi da sabon bene kowane mako, na bar koyarwa na koma wata ma'aikatar tarayya, inda nake gyara wa manya wasiƙu. Mijin ƙanwata kuma ya buɗe kamfanin ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, wanda 'yan kasuwa za su riƙa ajiye kayan marmari a ciki kada su lalace. Yana neman ƙungiyar 'yan kasuwar Zuba ta ba shi fili a bakin kasuwa. Ba shi da wani wurin, kuma ranar Alhamis za su yanke shawara. Ciyaman ɗinsu ya ce ba sa son majigi, a kawo musu takarda ɗaya da Hausa wadda za ta amsa abin da mutane ke tambaya.

"Yaya, aikin awa ɗaya ne a wajenka," in ji surukin nawa, yana miƙo mini kwamfuta. "Komai yana cikin silaid. Ka sa alamar tambaya kawai."

Silaid, wato shafukan majigi, ashirin da biyu ne, an tsara su don masu zuba jari. Na farko hoton nonon ayaba ne, rawaya sosai, da raɓa a jikinsa. Sai matsala, sai mafita, sai girman kasuwa, sai hotunan shugabannin kamfani cikin kwat, su uku, ɗaya ƙanwata ce.

Na bi umarni. Kan kowane silaid na juya shi ya zama tambaya. "Me ya sa fasaharmu ta fi ta kowa?" "Mene ne burinmu ga nahiyar Afirka?" Da na karanta wa matata, ta ce, "Malam, wa ke wannan tambayar?" Na ce kwastoma. Ta ce ita dai tun da take zuwa kasuwa ba ta taɓa jin mai kankana ya damu da nahiyar Afirka ba.

Asabar da hantsi na tafi Zuba da littafin rubutu. Na zauna a kan benci tsakanin tulin abarba da wata mota da ake sauke ayaba, na ce ana shirin kawo ɗakin sanyi, me suke so su sani. Ba wanda ya tambayi buri. Sun tambayi wa zai riƙe makulli. Sun tambayi ranar da hadari ya rufe rana. Wani ya ce in kwandonsa ya haɗu da na wani, yaya za a gane. Wata mata 'yar Binuwai, da Hausarta ta kasuwa, ta ce, "Oga, wannan ɗaki naka, tana karɓar ayaba?" Bayan ita mutum takwas suka yi tambayar nan, kowa da irin Hausarsa.

Na koma na sake lale. Silaid na masu zuba jari na ajiye su gefe, har da hoton ƙanwata. Na jera tambayoyin yadda aka yi mini su, wadda aka fi yi a sama, amsa kuma ta fara da e ko a'a kafin bayani. Makulli yana silaid na sha ɗaya. Hadari yana na tara, inda aka yi maganar batir. Ayaba kuwa, in ban da hoton farko, ba ta ko'ina. An dai rubuta "dukkan kayan marmari".

Na kira injiniyar kamfanin, wata baiwar Allah mai gajeren zance, don ta tabbatar mini da amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan ayaba ta yi dariya.

"Malam, ɗakinmu digiri biyar yake. Ayaba in ta sauka ƙasa da sha uku ta daɗe, bawonta ya dusashe, ya yi baƙi, ɗanyarta kuma ba za ta nuna daidai ba. Mangwaro da abarba ma ba sa son sanyin nan. Tuffa, inabi, karas, kabeji, su ne namu."

"To dukkan kayan marmarin fa?"

"Duba silaid na sha takwas."

Na duba. Can a ƙasa, cikin wata kibiya mai nuna gaba, an rubuta cewa a zango na biyu za a ƙara ɗaki mai sassaucin sanyi. A nan na gane halin silaid: abin da ake da shi da abin da ake fata duk da murya ɗaya yake faɗinsu, kuma mai zuba jari ya san haka, fatan ma yake saye. Mai ayaba kuwa ranar Litinin za ta kawo kayanta.

Na rubuta: "Zan iya ajiye ayaba? A'a. Sanyin ɗakin ya yi mata yawa, za ta yi baƙi. Muna shirin ɗaki na biyu dominta, amma ba a gina shi ba tukuna." Na sa ta ta biyu, don na ji kunyar buɗe takarda da a'a.

Surukina ya karanta a tsaye, ya zauna.

"Yaya, Zuba fa! Ka ce wa Zuba ban da ayaba? Ka mayar da ita ta ƙarshe mana. Ko ka ce ana kan nazari."

"An gama nazarin. Injiniyarka ce ta yi."

"Wallahi da na sani da ɗan bizines santa na ba."

"Shi ma sai ya je Zuba an tambaye shi."

Ya kai ƙarata wajen ƙanwata. Ta ce ita abin da ya dame ta shi ne an cire hotonta.

Ranar Alhamis bayan azahar muka zauna a ofishin ƙungiya. Ciyaman, wani dattijo Bakatsine da ya yi shekaru yana dillancin ayaba, ya sa tabarau yana bin takardar da yatsa. Ya wuce ta ɗaya. A ta biyu ya tsaya, ya ɗago.

"Wa ya rubuta wannan?"

Surukina ya nuna ni da sauri, irin nunin da ban taɓa samu daga gare shi a gaban mutane ba.

"Malam, ka taɓa sayar da ayaba?"

"A'a, Alhaji. Ci dai nake yi."

"To ni tun ina saurayi na sa ta a firjin wani maƙwabcinmu, na ga yadda ta fito. Tambayar nan ni na tanade ta. Na ce in suka ce e, to ba su san kayanmu ba, a ba su lemo su tafi."

Ya karanta sauran a natse, ya sa aka gyara mini kalmar "kwando" zuwa "kiret", tunda da shi za a riƙa shigar da kaya. Sannan ya ce fili dai za a bayar, amma ba na bakin kasuwa ba, don nan wurin masu ayaba ne, kuma takardarmu da kanta ta ce ba ruwanmu da su. Akwai wani a baya, kusa da inda direbobi ke wanki.

Muka shiga mota ni da surukina, muka wuce Dei-Dei. Can ya ce, "Ka kyauta, Yaya," da muryar da ban iya tantance ta ba har yau.

An gina ɗakin a bayan kasuwa, an manna takardata a ƙofa cikin leda. Nakan bi ta wajen in tsaya in karanta ta, in ji daɗin yadda jimlolin suka zauna. Shekara uku ɗakin yana aiki, kullum cike, kuma abin da ke ciki ruwan leda ne.